Leɓe ya mutu, haƙori bai mutu ba

Duk sabbin likitocin haƙori da ke zuwa mana koyon aiki a Kaduna, allurar kashe zafi ta muƙamuƙin ƙasa ce ke kayar da su. A sama ƙashi ba shi da kauri, in ka zuba lidokain, maganin kashe zafi, a gindin haƙori sai ya tsotsa ya shiga. Ƙashin ƙasa kuwa, wajen turamen babban mutum, ya yi kaurin da magani ba ya ratsawa da sauƙi. Dole ka tari jijiyar da ke ɗaukar saƙon zafin haƙoran ƙasa kafin ta shige ramin da ke cikin reshen muƙamuƙi. A nan maganin ke toshe ƙofofin sodiyam na jijiyar, saƙon zafi ya kasa wucewa.

Kuskuren farko, sokawa ƙasa da ramin. Ni ina ɗora babban yatsa a lotsawar gaban reshen, in kawo sirinji daga kan ƙananan turamen ɗaya gefen, in soka kamar milimita 6 zuwa 10 sama da saman turame.

Sannan ba na matsa magani sai na ji ƙashi, a zurfin milimita 20 zuwa 25. Wannan da tsada na koye shi. Ina sabon shiga, wani dattijo daga Tudun Wada ya zo cire turmi. Allura ta shige kusan duka, ban taɓa ƙashi ba, na matsa abina. Ashe na wuce bayan reshen, na zuba a ƙullin yawu na gaban kunne, inda jijiyar fuska ke ratsawa. Cikin 'yan mintuna bakinsa ya karkace, ido ya ƙi rufuwa. Ɗansa ya miƙe yana salati, "Likita, shanyewar ɓarin jiki ce?" Na rufe idon da bandeji, na ce, "Baba, a yi haƙuri, zai sake." Sai bayan sa'o'i ya sake, haƙorin kuma yana nan da ciwonsa. In ba ku ji ƙashi ba, ku janyo kaɗan, ku ƙara karkata sirinjin zuwa turamen ɗaya gefen. Kar ku matsa!

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne gaggawa. Da mutum ya ce leɓe ya yi nauyi, sai a ɗauko abin cirewa. Leɓe kan riga ɓargon haƙori mutuwa, ɓargon na iya cin minti 10 zuwa 15, wani lokacin ma ya ƙi, musamman haƙorin da ya kwana yana zugi. Ku gwada da sanyi tukuna. In har yana ji, ni artikain, wani maganin kashe zafin, nake ƙarawa a dasashi ta gefen kunci.

Kullum ku ja sirinji baya kafin ku matsa. In jini ya shigo, ku sauya wuri. Inda ƙurji ya taru kuma, naman ya yi tsami, maganin ba ya shiga jijiya sosai, don haka kar ku soka a cikin kumburin.