Yadda ake darasin motsa jiki da yara 84 da igiya uku

Makarantar da nake koyarwa a Agege ba ta da filin wasa. Abin da muke da shi tsakar gida ce da aka shimfiɗa wa intalok, tsawonta taku 30, faɗinta taku 20, ga kwata ta bi ta gefe ɗaya. Aji biyu ake haɗa mini a darasin motsa jiki, yara 84 ke nan, yawancinsu 'ya'yan Hausawan Zango, sai 'yan Yarbawa kaɗan. Minti 40 ne a jadawali.

A shekarata ta farko ƙwallo ɗaya muke da ita, kuma duk tunanina rashin kaya ne ya hana ni aiki. Sai wata rana na zauna na yi lissafi. Idan yara 84 suka yi layi ɗaya, kowa ya buga ƙwallo ya dawo da ita cikin daƙiƙa 10, sai an yi minti 14 kafin layin ya zagayo. Wato a darasi guda yaro zai taɓa ƙwallo sau biyu, ya motsa na daƙiƙa 20, sauran lokacin yana tsaye a rana yana tsunkulin na gabansa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa minti 60 na motsa jiki take so yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu a kullum. Layi ne ke cinye darasin. Duk abin da zan faɗa nan dabarar kashe layi ce.

Abu na farko, raba yaran sau ɗaya, rabon ya zauna har ƙarshen zango. Ni na yi ƙungiyoyi 12, kowace mutum bakwai, maza daban mata daban, domin iyayenmu ba sa son cakuɗa, 'yan matan ma sun fi sakin jiki a tsakaninsu. Kada ka bar yara su zaɓi junansu a fili. Minti goma zai tafi, kuma yaron da aka bari a ƙarshe ba ya mantawa. Da rajista ake yin rabon, a cikin aji, a rubuta a kwali a manna a bango. Kowace ƙungiya da kyaftin ɗinta, ana canza shi duk mako biyu. Kyaftin ne ke ƙirga mutanensa, shi ke ɗauko kaya ya mayar, shi ke ƙirga maki. Ba na kiran suna 84. Ina cewa "Kyaftin!", mutum 12 su ɗaga yatsu su nuna mini nawa ne ba su zo ba.

Darasin farko gaba ɗayansa kada ka koyar da wasa. Koyar da alama. Usur ɗaya mai tsawo, kowa ya ƙame a inda yake, ya ajiye abin da ke hannunsa, ya dubi malam. Usur biyu, a koma tasha ta gaba. A maimaita har sai sun iya tsayawa kafin ka ƙirga biyar. Wanda bai zauna Legas ba, zai ga kamar ɓata lokaci ne, amma inda janareton maƙwabta ke ruri, ga hon ɗin danfo, ga masu niƙa a bayan katanga, murya ba ta kai taku goma. Idan usur ya ɓace, marfin tukunya da cokali sun isa.

Sai kaya. Igiya uku muka saya a kasuwa, irin ta shanya mai ɗan kauri, kowace taku shida. Ƙwallayenmu na leda ne: a tara ledojin fiya wata da aka wanke suka bushe, a cusa kamar 30 cikin tsohuwar safa, a murɗe, a juya bakin safar a ɗaure. Ba ta tashi idan ta faɗi, wannan kuwa alheri ne, domin ba ta gangarawa kwata, ba ta fasa gilashin ofis, idan ta sami fuska ba ta ciwo. Goma muka yi a Asabar ɗaya. Iyaka kuma da alli ake ja a kan intalok, a ƙasa mai yashi toka ta fi, ana samunta kyauta wajen mai ƙosai ko mai tsire. Kada a yi iyaka da duwatsu ko bulo. Yaro zai faɗa kansu.

Yanzu ga yadda minti 40 ke tafiya. Minti huɗu na fitowa da jeruwa, kowace ƙungiya a bayan kyaftin ɗinta, a wurin da ba ya canzawa. Kafin su fito na riga na zagaya filin na tsince ƙusa da fasasshen kwalba, na duba inda ruwan jiya ya bar gansakuka, domin intalok mai gansakuka ya fi sabulu santsi. 'Yan mata su cire fil daga hijabi, su cusa bakinsa cikin riga ko su ɗaure a baya. Mai silifas ya cire idan ƙasa ba ta ɗau zafi ba.

Minti biyar na ɗumama jiki, kowa a inda yake tsaye, hannu a miƙe ba ya taɓa na kusa: tafiya a wuri ɗaya, sassarfa a wuri ɗaya, juya kafaɗa, tsalle ana tafi. Ba na sa su zagaya fili a guje. Na taɓa yi, na saki 84 su yi wasan kamo a lokaci ɗaya, yara biyu suka yi karo da goshi, ɗaya sai da aka yi masa ɗinki. Laifina ne. Fili mai taku 30 ba ya ɗaukar gudun da ba shi da alƙibla. Tun ranar, duk masu gudu fuska ɗaya suke kallo.

Zuciyar darasin ita ce tashoshi huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, kowace tana ɗaukar ƙungiya uku, yara 21. Minti biyar a tasha, minti ɗaya na canji, jimla 23.

Tasha ta farko langa ce, amma ba mai ture ba. A kan intalok turin langa karaya ne. Layi biyu nake ja, taku takwas tsakani. Ƙungiya ɗaya ta riƙe ƙafa ta tsallaka gaba ɗayanta, da ta isa ta biyu ta taso, sannan ta uku. A dawowa a canza ƙafa. Nan ne kaɗai na yarda da jira, saboda langa na cin ƙarfi, hutun da yaro ke samu kafin zagayensa ya dawo daidai yake da buƙatarsa. Yaran Yarbawa da suka saba da wasan suwe, na tsallake zane da ƙafa ɗaya, ba su sha wahalar koyonta ba.

Ta biyu igiya. Biyu suna kaɗawa, biyar suna tsalle tare, kyaftin yana ƙirga. Dokar da ta fi kowace muhimmanci a nan: wanda ya harɗe ba ya fita, yana karɓar bakin igiya ne, mai kaɗawa ya shiga. Duk wasan da ake fitar da wanda ya faɗi, mai rauni yake fara zaunarwa, shi ne kuma ya fi buƙatar motsin.

Ta uku ƙwallon leda, bibbiyu. Ƙwallo goma, yara 21, don haka tara bibbiyu ne, ɗaya mutum uku. Suna fuskantar juna taku uku tsakani, a jefa a cafe. Idan sun cafe biyar a jere, kowa ya ja baya taku ɗaya, idan ta faɗi su matso. Da haka kowane biyu ke samun wahalar da ta dace da su ba tare da na ce komai ba. A minti biyar yaro kan taɓa ƙwallo sau 30 ko fiye. A kwatanta da sau biyun nan na da.

Ta huɗu ba ta buƙatar komai sai bango: tura bango da hannu sau goma, tsuguno da miƙewa sau goma, tsayuwa a ƙafa ɗaya ido a rufe, a sake daga farko. Ba na sa tsallen kwaɗo, domin yaranmu horo suka san shi da shi.

Ni kuwa ba na shiga tsakiya. Malamin da ya tsaya a tsakiya ya juya wa rabin aji baya. Ina bin gefe ne, bayana na bango, ina zagayawa sabanin yadda suke juyawa. Gyara ɗaya nake yi a kowace tasha, ta bakin kyaftin. "Ka ce su sauka a kan yatsun ƙafa." Shi ke nan, na wuce.

Ta yaya za ka san darasin na tafiya? Ka tsaya a wani lokaci ba shiri, ka ƙirga masu motsi. Idan ba su kai rabi ba, akwai layin da ya ɓuya a wani wuri, nemo shi. Yawanci kyaftin ne ya mayar da kansa alƙali yana sa su yi ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka yi wa yaro tambaya. Idan yana amsawa yana ɗan haki, aikin ya yi daidai. Idan zai iya rera waƙa, bai yi komai ba. Idan ya kasa haɗa kalma uku, ya zauna a inuwa.

Zafin Legas ba irin na Kano ba ne. A can gumi na bushewa ya sanyaya jiki, a nan iska a jiƙe take, gumin zuba kawai yake, don haka yaro kan galabaita ko da hadari ya rufe rana. Na roƙi hedimasta ya mayar da darasin safe, kafin ƙarfe goma. Kowa ya sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Tun makon farko nake tambayar iyaye wa ke da sikila, wa ke da asma, in sa alama a kwalin bango. Mai sikila ba na cire shi, yana jifa da cafewa, yana ƙirga maki, yana hutawa duk sanda ya so, ruwansa na kusa, ba na yarda ya kai ga haki. Mai asma abin shaƙarsa na aljihu. Yaron da ya ce "Malam, jiri nake ji", ko ya yi shiru sabanin halinsa, ba a gardama da shi. Da azumi ina cire langa da igiya, a bar jifa da miƙa jiki.

Minti huɗu na gaba na huce jiki ne, tafiya a hankali da dogon numfashi, kyaftin-kyaftin suna tattara kaya. Ina ƙirga ƙwallaye goma da igiya uku a gabansu kafin kowa ya motsa, in ba haka ba zuwa ƙarshen wata babu ko ɗaya. Huɗun da suka rage na shan ruwa da komawa aji.

Daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba da Oktoba, ruwa kan ƙwace mana tsakar gidan. Ranar ba na soke darasi. Aji biyun kowa ya zauna a ɗakinsa, a buɗe tagogi, in tsaya a baranda tsakanin ƙofofin biyu. Kowa ya miƙe a bayan bencinsa a yi ɗumama jikin nan, a yi tsuguno da tsayuwar ƙafa ɗaya, sannan kowane jere ya karɓi ƙwallon leda ɗaya, ta bi ta saman kai zuwa baya, ta dawo ta gefe zuwa gaba. Tsalle ne kawai nake hanawa, saboda 'yan aji ɗaya na ƙasanmu, malamarsu kuma ta taɓa hawowa.