Kofin Nono, Ruwa da Sukari: Inda Lissafi Ke Karkacewa

Mai lissafin abin da yake ci yakan nemo adadin sinadaran da ke cikin kofi ɗaya na nono, ya rubuta a littafinsa ko a wayarsa, ya ci gaba da harkarsa. Matsalar ita ce adadin da ya samo na nono ne tsantsa, wanda ba a taɓa ba, alhali abin da ya sha an tsinka shi da ruwa, an kuma zuba masa sukari. Su biyun suna ɗaya gare su, amma abin da ke cikinsu ya sha bamban.

Bari mu fara da kofin da ba a taɓa ba. A kofi mai cin mililita 250 na madarar shanu da ta yi tsami, wadda ba a cire mata mai ba, ana samun furotin kamar giram 8, maiko kamar giram 8, kabohaidiret kuma giram 11 ko kusa da haka. Kowane giram na furotin ko kabohaidiret yana ba da kalori 4, giram ɗin maiko kuwa kalori 9. In aka haɗa, 32 da 72 da 44, an sami 148, wato kusan kalori 150. Waɗannan adadin matsakaici ne, don madara tana bambanta daga saniya zuwa saniya, amma sun isa a yi aiki da su. Idan nonon an kaɗe shi an cire mai, maikon na iya sauka zuwa giram 2 ko ƙasa, kalorin ya dawo wajen 100, furotin da kabohaidiret kuwa suna nan kusan yadda suke. Saboda haka kafin komai, mutum ya tabbatar wane iri ne a hannunsa.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar cewa tsami ya cinye sukarin madarar gaba ɗaya. Gaskiya ne ƙwayoyin bakteriya suna cin laktos, wato sukarin da madara ta zo da shi, suna mayar da shi sinadarin da ke ba nono tsaminsa. Sai dai ba sa gamawa da shi. A nono na yau da kullum abin da suke ci bai fi kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ba, domin tsamin da suke samarwa shi ne kuma ke rage musu kuzari. Abin da ya ɓace a kofi guda giram uku ne ko huɗu, kuma sinadarin tsamin shi ma yana da ɗan kalori nasa. Harshe ba ya jin zaƙin sauran laktos ɗin saboda shi dama ba mai zaƙi sosai ba ne, ga tsami ya danne shi. Wanda ya bar nono ya ƙara kwana don ya rage sukari yakan tashi da nono mai tsananin tsami, sai ya zuba masa cokali biyu na sukari don ya shawu. Ya kori giram ɗaya ko biyu, ya shigo da abin da ya ninka su sau da yawa.

Kuskure na biyu, wanda ya fi rikita mutane, batun ruwa ne. Wasu su ce ruwa yana rage kalori, wasu su ce ba ya rage komai, kuma kowa yana da gaskiya a wani yanayi. Ruwa ba shi da furotin, ba shi da maiko, ba shi da kalori, don haka ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Abin tambaya shi ne nawa ne nonon asali da ya shiga cikinka.

Ka ɗauki kofi ɗaya na nono, ka juye a babban mazubi, ka ƙara kofi ɗaya na ruwa, ka shanye duka. Ka sha furotin giram 8 da kalori kusan 150, daidai da wanda ya sha nasa ba ruwa. Amma in daga wannan haɗin kofi ɗaya kawai ka ɗiba ka bar saura, to rabin kofin nono ka sha: furotin giram 4, maiko giram 4, kabohaidiret giram 5 da rabi, kalori wajen 75. Ɓarnar tana zuwa ta fuska biyu. Mai son rage ƙiba ya tsinka nononsa, ya shanye duka, ya rubuta rabin kalori. Mai neman furotin kuwa ya sha kofi ɗaya na tsinkakke ya rubuta giram 8, alhali 4 ya samu. Gyaran ɗaya ne: a auna nonon tun kafin ruwa ya taɓa shi, a rubuta wannan, a manta da yawan abin da ya cika mazubin daga baya.

Sai sukari. Shi kabohaidiret ne zalla, ba ya kawo furotin ko maiko ko kaɗan. Cokalin shayi da aka share bakinsa yana ɗaukar kamar giram 4, kalori 16 ke nan. Babban cokali yana ɗaukar giram 12 zuwa 13, kusan kalori 50. To wa ke share bakin cokali in zai zuba sukari? Yawanci a cika shi ake yi har ya yi tozo, kuma cokali mai tozo na iya kaiwa ninki biyu na wanda aka share. Mutum ya ce "cokali biyu kawai na sa", ya rubuta giram 8, alhali ya zuba 15. Maganin wannan sikelin kicin ne. A ɗora kofin a kai, a mayar da shi sifiri, a zuba sukarin yadda aka saba zubawa ba tare da an rage hannu ba, a karanta. Sau ɗaya ko biyu ya wadatar mutum ya san nauyin hannunsa. Zuma ma ba mafaka ba ce: babban cokalinta ya fi na sukari nauyi, yana ɗauke da sukari kamar giram 17 da kalori sama da 60.

Inda abin ya fi ɓaci shi ne idan ruwa da sukari suka haɗu, kuma kusan kullum tare suke tafiya, don ruwa yana sa nono ya yi salam, sai hannu ya nufi gwangwanin sukari. Ga misali a jug guda. An zuba lita ɗaya ta nono mai cikakken mai, an ƙara rabin lita na ruwa, an zuba sukari giram 100, wato kamar manyan cokula takwas. Lita ɗaya kofi huɗu ce, saboda haka a jug ɗin akwai furotin giram 32, maiko giram 32, da kabohaidiret ɗin madara giram 44. Da aka ƙara sukari kabohaidiret ya zama 144. Haɗin ya ɗan haura lita ɗaya da rabi, domin narkakken sukari shi ma yana cin wuri kaɗan, amma a ce kofi shida ne. A raba komai gida shida. Kowane kofi yana da furotin giram 5 da ɗoriya, maiko haka nan, kabohaidiret giram 24, kalori wajen 165.

A kwatanta da kofin farko. Kalori ya tashi daga 150 zuwa 165, bambancin da ba zai tayar wa kowa hankali ba, kuma shi ya sa mai duba kalori kaɗai ba ya ganin abin da ya faru. Amma furotin ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, kabohaidiret ya ninka har ya wuce, kuma kusan giram 17 daga cikinsa sukarin da aka zuba ne. Wanda yake so ya samu giram 8 ɗin furotin da ya sa rai, sai ya sha kofi ɗaya da rabi, ya haɗiye sukari giram 25 tare da shi. A shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, sukarin da ake ƙarawa bai kamata ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini ba, kusan giram 50 ga mai cin kalori 2,000, kuma in ya sauka ƙasa da giram 25 ya fi. Laktos ɗin da ke cikin madara ba ya cikin wannan lissafin, wanda aka zuba ne ke ciki. A ganina, duk mai lissafi ya riƙa rubuta su a layi biyu daban. Mai ciwon sukari kuwa jimillar kabohaidiret ɗin duka ce ta dame shi, giram 24 ɗin nan, ba 17 kaɗai ba.

Kuskure na gaba shi ne auna nono da ido. Kauri ba shaida ba ne cewa ba a sa ruwa ba, domin ana iya tsinka nono sannan a dawo masa da kauri da sitaci ko wani abin kaurarawa, sitaci kuwa ƙarin kabohaidiret ne. Haka nan nono tsantsa da aka kaɗa sosai yakan yi ruwa-ruwa ba tare da an ƙara masa komai ba. In na kwalba ne mai takarda a jiki, layin furotin ya fi komai faɗin gaskiya. Nono da ba a tsinka ba yana da furotin giram 3 ko sama kaɗan a kowace mililita 100. In takarda ta nuna 1.6, kusan rabin abin da ke ciki ba madara ba ne.

Da wannan layin ana iya ƙiyasta sukarin da aka ƙara ko da takardar ba ta ware shi ba. A nono, laktos bai cika wuce ninki ɗaya da rabi na furotin ba. Kwalba mai furotin 1.6 da sukari giram 11 a mililita 100, laktos ɗinta bai fi giram 2 da rabi ba, sauran wajen 8 da rabi zubawa aka yi. A kofi guda ya haura giram 20, cokalin shayi biyar ke nan. Wannan ƙiyasi ba ya aiki ga nonon da aka tace aka zubar da ruwansa, don shi furotin ɗinsa ya yi yawa laktos ya ragu, ko wanda aka haɗa da 'ya'yan itace. A kuma duba ko adadin na mililita 100 ne ko na kwalbar duka. Kwalba mai mililita 500 ninki biyar ce ta abin da aka rubuta a layin mililita 100.

Ga wanda tsami ne ke sa shi zuba sukari da yawa, ya fi sauƙi ya tare matsalar tun daga tushe: ya sa nonon a firij da zarar ya kama, kafin tsamin ya yi ƙarfi, domin sanyi yana rage aikin bakteriya sosai. In kuma mai ruwa-ruwa yake so, ya auna kofi ɗaya na nono, ya ƙara ruwan da ya ga dama, ya auna sukarin a sikeli. Da cokalin shayi biyu da aka share, abin da zai rubuta shi ne furotin giram 8, maiko giram 8, kabohaidiret giram 19, kalori wajen 180, muddin ya shanye duka.