Kada a yar da √(2πn): kuskuren da ya fi yawa wajen ƙiyasta n!

Na gaji da ganin kuskure ɗaya a takardun ɗalibai duk lokacin da n! ya shigo cikin jerin tarawa. Sun haddace fomular Stirling, wadda ta fito daga aikin de Moivre da Stirling a 1730:

```
n! ~ √(2πn) · (n/e)^n
```

Amma da an zo aiki sai su rubuta (n/e)^n kawai, su jefar da √(2πn), wai don ƙarami ne. Ƙarami idan aka gwada da me? A n = 10, ainihin n! shi ne 3,628,800. Cikakkiyar fomular tana ba da kusan 3,598,696, ita kuwa guntulalliyar 453,999. Ta gaza da kusan ninki takwas ke nan, kuma giɓin ƙaruwa yake yi yayin da n ke girma.

Ga inda abin yake cizo. Ɗauki jerin da kowane gurbinsa yake haka:

```
a_n = (2n)! / (4^n · (n!)² · n)
```

Tambaya ita ce ko jimillarsa tana tsayawa a wani adadi, ko tana ta hauhawa ba iyaka. Kowa da gwajin rabo yake farawa, kuma daidai ne. Idan ka raba a_(n+1) da a_n za ka sami (2n+1)/(2n+2) sau n/(n+1), wanda ke dosar 1. Gwajin bai yanke hukunci ba, sai a koma ga Stirling.

Mai guntulalliyar fomula zai sa (2n/e)^(2n) a sama. A ƙasa kuma 4^n sau (n/e)^(2n) sau n. Manyan duk sun cinye juna, saura 1/n, sai ya ja layi ya ce jerin ba ya tsayawa. Amsar ba daidai ba ce. Da cikakkiyar fomula, sama tana ɗauke da √(4πn), ƙasa kuma tana da √(2πn) har sau biyu, wato 2πn. Rabonsu 1/√(πn) ne, saboda haka a_n yana tafiya kamar 1/(√π · n^(3/2)). Tunda 3/2 ya wuce 1, jerin yana tsayawa.

Ku lura da dalilin. Rabo ya doshi 1 ne saboda manyan sassan sun yi kunnen doki, ba wanda ya rinjayi wani. To idan manya sun soke juna, wa ya rage da zai yanke hukunci in ba ƙaramin da ka yar ba? Shi ya sa abin yake ba ni haushi: a daidai wurin da ake bukatar Stirling, nan ne ake yanke masa ƙafa.

Al'adata ita ce in gwada da lamba kafin in yarda da kowane ƙiyasi. A n = 10, (2n)!/(n!)² shi ne 184,756, 4^10 kuma 1,048,576, rabonsu 0.176. Cikakkiyar fomula ta ce 1/√(10π), kusan 0.178. Guntulalliya ta ce 1. Minti ɗaya da kalkuleta ya isa ya tona asirin.

Akwai inda yar da shi ba ya ɓata komai, kuma ina jin daga can ɗabi'ar ta samo asali. Idan ana neman iyakar (n!)^(1/n)/n, sashen √(2πn) yana komawa 1 bayan an ɗaga shi zuwa 1/n, amsa ta fito 1/e ko da shi ko babu. Haka ma ln n! ≈ n ln n − n yana da kyau a matsayin logaridim, sai dai in ka mayar da shi n! ka sake faɗawa ramin nan, domin ½ ln(2πn) da aka bari a baya ya zama abin ninkawa.

Kuskure na biyu shi ne karanta alamar ~ kamar daidai. Abin da take cewa shi ne rabon ɓangarorin biyu yana dosar 1, ba wai bambancinsu yana dosar sifili ba. A n = 10 bambancin ya haura 30,000, kuma yana ta girma, alhali kuskuren rabo kusan 1/(12n) ne, ƙasa da kashi 1 cikin 100. Don haka ka sa Stirling cikin ninkawa da rabawa hankali kwance, amma banda inda ake ɗebe manyan abubuwa biyu masu kama da juna, banda kuma inda za a ɗaga shi zuwa n. Rabon n! da ƙiyasinsa, in aka ɗaga shi zuwa n, e^(1/12) yake dosa, kusan 1.087, ba 1 ba. A irin wannan wuri nakan ɗauko iyakokin da Robbins ya bayar a 1955: n! daidai yake da ƙiyasin sau e^r, inda r ke tsakanin 1/(12n+1) da 1/(12n).

Sauran ƙanana ne. (2n)! ba 2·n! ba ne, kuma (2n+2)!/(2n)! shi ne (2n+2)(2n+1), ba 2n+2 shi kaɗai ba. Sannan in gwajin rabo ya riga ya ba da amsa, kamar a n!/n^n inda rabon ke dosar 1/e, a bar Stirling ya huta.