Yadda ake fassara shafin littafi mai ɓari biyu da bayanan ƙasa ba tare da an hautsina rubutun ba

Wanda ya taɓa zuba hoton shafi mai ɓari biyu cikin manhajar karanta rubutu, wadda ake kira OCR, ya san abin da kan fito. Manhajar takan ɗauki layin farko na hagu, ta tsallaka farin filin tsakiya, ta liƙa masa layin farko na dama, kuma haka za ta yi ta yi har ƙasa. Kalmomin duk suna nan, amma ba jimla ɗaya da ta tsaya da ƙafarta. Don haka kada a fassara ko kalma ɗaya sai an gama jera rubutun asali yadda marubucinsa ya jera shi. Misalin da zan bi shi ne shafi na 47 na wani littafin tarihi da Turanci, mai ɓari biyu da bayanan ƙasa guda uku, wanda ake son mayarwa Hausa.

Fara da ido, ba da na'ura ba. Buɗe shafin, ka bi shi da yatsa kamar mai karatu, ka ba kowane yanki lamba. A namu misalin akwai sunan littafin da lambar shafi a can sama, wannan ba ya cikin zance, a cire shi. Ɓarin hagu shi ne na ɗaya, na dama na biyu, bayanan da ke ƙarƙashin siririn layin nan na uku. Idan akwai kanun da ya ratsa faɗin shafin a tsakiya, to shafin ya rabu gida biyu ke nan: a gama hagu da dama na sama tukuna, sannan kanun, sannan hagu da dama na ƙasa.

A nan akwai tarkon da nake so a kula da shi. Ba duk abin da ya yi kama da ɓari biyu ne ake karantawa daga sama zuwa ƙasa ba. Ƙasidar Larabci, da waƙoƙin ajami da yawa, ana rubuta baiti ne rabi a dama rabi a hagu, da fili a tsakani. Wannan a kwance ake karanta shi, baiti bayan baiti. Wanda ya yanka shi biyu ya kashe waƙar. Haka ma jadawali. Zube na Larabci mai ɓari biyu kuwa, ɓarin dama ne na farko.

Sai a fitar da hoto mai kyau. Idan littafin yana cikin PDF, wannan umarnin zai ciro shafin a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci:

```
pdftoppm -r 300 -f 47 -l 47 -singlefile -png littafi.pdf shafi
```

A duba, domin lambar shafi a PDF ba lallai ta zo daidai da wadda aka buga a takarda ba. Idan shafin ya karkace, a miƙar da shi kafin komai. Manhajar ScanTailor tana yin wannan. Karkacewa kaɗan ta isa ta sa yankan da za a yi ya ci haruffan bakin layi.

Yanzu a yanka. Shafin A4 a 300 dpi faɗinsa ɗigo 2480 ne, tsawonsa 3508. A namu shafin, a ce jikin rubutun ya fara a ɗigo na 250 daga sama, layin bayanan ƙasa kuma yana kan 2850. Ga umarnin yankan da manhajar hoto ta ImageMagick:

```
magick shafi.png -crop 1240x2600+0+250 +repage hagu.png
magick shafi.png -crop 1240x2600+1240+250 +repage dama.png
magick shafi.png -crop 2480x658+0+2850 +repage kasa.png
```

Waɗannan lambobin na wannan shafin ne kawai, kowa ya auna nasa. Wanda bai saba da umarni ba, ya yanka da kowace manhajar hoto, har ta waya, ba bambanci. Abin lura shi ne a buɗe kowane yanki a tabbatar ba harafin da ya gutsure. Idan bayanan ƙasan su ma ɓari biyu ne, su ma a raba su. Sannan a ba manhajar OCR mai suna Tesseract kowanne shi kaɗai:

```
tesseract hagu.png hagu -l eng --psm 4
```

Wannan `--psm 4` yana gaya mata cewa rubutun ɓari ɗaya ne, don haka ba ta da inda za ta tsallaka. Idan aka bar ta a kan tsarinta na asali, wato `--psm 3`, ita za ta yi ƙoƙarin gane fasalin shafin da kanta. Sau da yawa takan dace, amma idan filin tsakiya siriri ne ko inuwar ɗaurin littafi ta faɗa ciki, sai ta ɓata.

Aikin gaske yana wajen haɗawa. Ɓarin hagu ba kasafai yake ƙarewa da aya ba. Jimlar takan tsallaka zuwa saman dama, wani lokaci ma kalmar kanta a raba ta da karan-ɗori. Karanta layin ƙarshe na hagu da na farko na dama a bayyane. Idan suka zama jimla ɗaya, haɗa su, ka cire karan-ɗorin da ya raba kalma, ka bar wanda yake na kalmar tun asali. Haka za a yi da ƙarshen shafi na 46 da farkon na 48. Mai fassara bai kamata ya ɗauki rabin jimla ba, domin abin da zai zo a farko a Hausa yana iya kasancewa a ƙarshe a Turancin.

Sai ƙananan lambobin nan da ke maƙale a saman kalma. Su na'ura ta fi ɓatawa. Wani lokaci ta mayar da su alamar zance ko tauraro, wani lokaci ta haɗiye su. Mafi muni, idan lambar ta biyo bayan shekara: jimlar da ke cewa Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, da lamba 3 a samanta, sai ta fito 18043. Na taɓa ganin fassarar da aka goge ukun nan a matsayin kuskuren bugu, bayani na uku ya zauna a ƙasa ba wanda ya kira shi. Maganin shi ne a bi hoton da ido, a rubuta kowace lamba a fili kamar haka: `[[3]]`. Daga nan a ƙirga. Lambobi uku a jiki, bayanai uku a ƙasa. Idan aka ga bayanan ƙasa sun fara da ƙaramin harafi ba lamba, wannan jelar bayanin shafin baya ce, a mayar da ita can.

Yanzu ne za a fassara: jikin rubutun daban, bayanan daban. Lambar tana bin maganar da take wa shaida, ba wurin da ta zauna a Turanci ba. Idan tana kan shekarar hijira, to duk inda shekarar ta faɗo a jimlar Hausa, can za ta bi ta. Idan sabon tsarin jimlar ya sa 3 ta riga 2, ni na fi son a sake ginin jimlar da a canza lambobin, saboda wani bayanin a gaba yana iya cewa a duba bayani na 2. Cikin bayanan kuma, sunan marubuci da na littafi da lambar shafi ba a taɓa su, sharhin marubucin kawai ake fassarawa.

Ko da na'urar fassara za a yi amfani da ita, wannan tsabtataccen rubutun za a ba ta, ba hoton ba, kuma a duba ko ta dawo da kowace `[[ ]]`. A ƙarshe, a Word, a ɗora kan kowace alama a danna Insert Footnote a zuba bayaninta. Word daga 1 yake fara ƙirga, don haka idan bayanan shafinka daga 12 suka fara, sai a gyara hakan a akwatin Start at.