Kafin ka roƙi bashi wurin dillalin hatsi

Idan za ka fara sarin masara a Sabon Gari, kada ka nemi bashi ranar farko. Sayi buhu biyu ka biya nan take. Zura hannu har gindin buhun ko da tsakuwa ko danshi, ka auna tiya nawa ya ba ka.

Sai ka koma sau uku kaya ba su canza ba, sannan ka ce: "Alhaji, na biya rabi, ragowar ranar Juma'a." Ranar da ka faɗa, kai kuɗin ko ba ka sayar ba. Cika alkawarin nan yake kallo kafin ya ƙara maka kaya.

In ya ce ba ya sakin ƙasa da buhu goma, ku haɗa kuɗi da maƙwabcin shagonka.

Amma da bazara, in farashi na hawa kullum, da wuya ya yarda ya ba ka bashi, don kuɗin Juma'a ba zai mayar masa da buhunsa ba.