Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Koya wa Matasa Atisayen Ƙarfi da Nauyin Jikinsu

A ce yaro ne ɗan shekara 14, nauyinsa kilo 50, ya zo yana cewa yana iya turin ƙasa sau 20. Turin ƙasa shi ne atisayen da mutum zai kifa ciki, ya dafa ƙasa da tafuka, ya ɗaga jikinsa ya sauke. Ka ce masa bismillah, ka koma gefensa ka tsuguna. Huɗun farko lafiya lau. Daga na biyar ƙugu ya fara lotsawa, kai ya riga ƙirji isa ƙasa, gwiwoyin hannu sun buɗe kamar fukafukai. Yaron nan huɗu yake iyawa. Sauran 16 ɗin koya wa jikinsa kuskure yake yi, kuma laifin yana wuyan wanda ya tsaya yana ƙirga masa.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: malami ya sa ido a kan lamba ya manta da siffar motsin. Gyaransa doka ɗaya ce da za a shimfiɗa tun ranar farko, cewa duk turin da ya lalace ba ya shiga lissafi, kuma idan biyu suka lalace a jere an gama wannan zagayen. Amma dokar ba za ta yi aiki ba sai yaro ya san kamannin mai kyau. Tafuka su ɗan fi faɗin kafaɗa kaɗan. Jiki ya miƙe sambal daga ƙeya zuwa dunduniya, a matse ciki da mazaunai. Gwiwoyin hannu kada su manne da haƙarƙari, kada kuma su buɗe gaba ɗaya, su tsaya tsaka-tsaki suna kallon baya. Ya sauka a hankali cikin daƙiƙa biyu har ƙirji ya kusa taɓa ƙasa, sannan ya tura. Kada ka zuba masa duk waɗannan a lokaci guda yana tsaka da yi. Zaɓi ɗaya, ka ce "matse cikinka", ka bar shi ya gwada. Kuma ka duba ko yana riƙe numfashi; ya shaƙa yana sauka, ya fitar yana tashi.

Kuskure na biyu shi ne zaton cewa tunda babu ƙarfe a hannu, atisayen ba shi da nauyi. A turin ƙasa cikakke hannaye na ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na nauyin jiki. Ga yaronmu mai kilo 50, sama da kilo 30 ke nan. Babu mai hankalin da zai miƙa wa sabon shiga ƙarfe mai kilo 30 ya ce ya ɗaga sau 20, amma abin da ake yi ke nan idan aka jera aji guda a ƙasa aka ce kowa ya yi adadi ɗaya. Yaro mai jiki ya fi kowa shan wahala a nan, domin nasa kayan ya fi na kowa nauyi, ga dariyar abokai a kai.

Maganin shi ne a ɗaga hannaye sama. Idan ya dafa benci mai tsayin kamar santimita 60, nauyin da ke hannunsa zai ragu zuwa wajen kilo 20. Ni na fi son wannan a kan durƙusawa bisa gwiwa, saboda jiki na nan a miƙe, ciki na koyon aikin da zai yi ranar da aka koma ƙasa. Sai dai a tabbata bencin ba ya zamewa.

Ga yadda zan tafi da yaron. Bayan ɗumama jiki na minti 5 zuwa 10, zai yi zagaye 2 a kan benci, kowanne sau 8, da hutun minti ɗaya ko biyu a tsakani. Ya kamata ya tsaya yana jin da sauran guda biyu a jikinsa. Zai yi haka sau 2 ko 3 a mako, da kwana ɗaya aƙalla a tsakani. Duk ranar da takwas ɗin suka fita tsaf, a ƙara ɗaya ko biyu a zama na gaba, har a kai 12. Daga nan a ƙara zagaye na uku. Idan ya yi zagaye 3 na 12 ba tangarɗa a zama biyu a jere, sai a sauko da shi kan abu mai tsayin santimita 30, a mai da adadin 8, a sake hawa. Bayan haka ne zai koma ƙasa, ya fara da 5 ko 6. Wani zai isa can cikin wata biyu, wani sai ya fi haka, kuma jinkirin ba alamar ragwanci ba ne.

Abin lura a wannan tsarin shi ne ta hanya ɗaya ake ƙara wahala kowane lokaci, ko adadi, ko zagaye, ko tsayin benci. Malamai da yawa sukan ƙara duka ukun a mako guda don sun ga yaro na da kuzari. Ƙarfin da ke ƙaruwa a makonnin farko yawancinsa daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne, suna koyon sarrafa tsoka. Igiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi kuwa sun fi jinkirin sabawa da sabon kaya.

Akwai kuma lokacin da yaro ke zabura da tsayi, wanda yakan zo wa 'yan mata wajen shekara 11 zuwa 12, maza kuma 13 zuwa 14. Gaɓoɓi sun yi tsawo, jiki bai gama sanin kansa ba, sai ka ga wanda ke atisayen tsugunawa da miƙewa da kyau watanni uku da suka wuce yanzu dunduniyarsa na tashi, gwiwoyinsa na faɗawa ciki. Kada a yi masa faɗa. A sa masa kujera a baya ya riƙa taɓa ta da mazaunai yana miƙewa, a rage adadi na ɗan lokaci. A wannan shekarun ne kuma ake samun ciwo da ɗan tudu a ƙasan ƙoƙon gwiwa, daidai saman ƙashin ƙwauri, inda ƙashi bai gama ƙwari ba. Yaron da ya nuna wurin da yatsa ɗaya, a dakatar masa da tsalle-tsalle, a kai shi likita ya duba.

Dole ne a koya musu bambancin tsamin jiki da ciwo, don matashi yakan ɓoye ciwo kada a ce masa rago. Tsami a cikin tsoka yake, yakan zo bayan kwana ɗaya, ya lafa cikin kwana uku ko huɗu. Ciwo mai suka a gaɓa, ko kumburi, ko ɗingishi, wannan na tsayawa ne nan take.

Sai abin da ya fi damuna, wato mai da atisaye hukunci. An makara, a yi tsallen kwaɗo har sai an faɗi. An yi surutu, turin ƙasa ɗari. Yaro zai tsani motsa jiki, kuma akwai haɗari na gaske. Maimaita motsi ɗaya ɗaruruwa ga jikin da bai saba ba, musamman cikin zafi da ƙishirwa, na iya farfasa tsoka har abin da ke cikinta ya malala cikin jini ya cutar da ƙoda. Alamarsa tsoka ta kumbura ta yi ciwo fiye da kima, yaro ya kasa lanƙwasa hannu ko ƙafa, fitsari ya koma ja mai duhu ko ruwan ƙasa. Wanda aka ga haka a jikinsa asibiti za a kai shi a ranar, ba sai an jira gobe ba.