Tafasa daban, rai-ɗore daban: a duba ganye kafin a tsinko

'Yan uwa, damina ta zauna, tafasa ta cika bayan gari nan Tawa, kuma yara muke aikawa su tsinko. Shekaranjiya ɗiyar maƙwabciyata ta kawo kwano cike, na zuba a faifai ina tsincewa, sai ga rai-ɗore a ciki, wanda wasu ke kira sanga-sanga. Gabana ya faɗi. Wuri ɗaya suke tsirowa, furensu duka rawaya ne, yaro ba zai bambance ba.

Ku duba ganyen da kyau. Na tafasa guda shida ne a kara ɗaya, biyu-biyu sau uku, bakinsu a zagaye. Na rai-ɗore sun fi yawa, galibi takwas zuwa goma, masu tsini kamar bakin mashi, in kin murza kuma warinsa ya fi ƙarfi. Kwanson tafasa siriri ne, a lanƙwashe kamar lauje. Na rai-ɗore ya fi faɗi, kamar an danne shi.

Na san iyayenmu na dafa ganyen rai-ɗore don zazzaɓi, amma ɗanyun 'ya'yansa guba ne, musamman ga ƙaramin yaro: suna lalata hanta da tsoka, har su taɓa ƙwaƙwalwa. In yaro ya ci ya fara amai, barci mai nauyi ko ruɗewa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a tilasta masa amai. A kai shi likita nan take, a riƙo reshen da kwansonsa a nuna.